Allon da Kawu ya sauke: yadda muka koyar da yaran shagon taki da maki ba tare da sun zama kishiyoyi ba

Shagon kawuna yana wani gari ne tsakanin Kura da Bunkure, a yankin da ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir da alkama. Taki yake sayarwa da iri da magungunan feshi. Yana da babban shago a bakin titi, da rumfa guda da ake buɗewa ranar kasuwa kawai. Yaran shago takwas ne, babbansu ya haura shekara talatin da biyar, ƙaraminsu bai cika ashirin ba. Ni malamin sakandare ne, duk Asabar nakan zo in duba masa littafin ciniki, shi ya sa abin da zan faɗa ya faru a gabana, kuma rabin kuskuren da ke cikinsa nawa ne. Ban kama sunan kowa ba, sai laƙabin da ake kiransu da shi a shago.

Matsalar da Kawu ya kawo mini ba ta ciniki ba ce. Cewa ya yi yaran ba sa koyo. Yaro zai shekara biyu a shago, manomi ya tambaye shi murfi nawa zai zuba a injin feshi, sai ya waiwaya yana neman Babba, wato babban yaron shagon. In Babba ya tafi Kano sarin kaya, ranar sai dai a sayar da taki, magani kuwa kowa tsoronsa yake, ko kuma ya sayar da shi da ka. Ni kuma na saba ganin yadda ɗalibai ke zabura idan aka raba su gida-gida ana ba su maki, sai na ce mu gwada haka. Kawu ya ce, "To Malam, ai kai ne ɗan boko, tsara mana."

Abin da na tsara a farkon damina shi ne wanda kusan kowa ke fara tsarawa. Duk cinikin naira 10,000 maki ɗaya. Na sa kafinta ya yi allo, aka rataye shi bayan kanta, sunaye takwas daga na ɗaya zuwa na takwas, ana gyara jerin duk yammacin Juma'a. Wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen wata yana da naira 10,000. Tunanina shi ne, wanda yake son ya yi ciniki dole ya koyi kaya.

Sati biyun farko Kawu har gode mini yake yi. Daga na uku abubuwa suka fara canja kama. Dogo, wanda ya fi kowa baki da sauri, ya koma tsayawa a bakin titi, mai babur bai gama kafe babur ɗinsa ba ya riga ya riƙe masa hannu. Shara da jera buhuna da loda wa mai amalanke kaya suka zama aikin da ba mai so, tunda ba su da maki. Bashi ya hau, don ban bambance cinikin hannu da na bashi ba, yaro kuwa ya gane cewa "kai dai ɗauka, ka kawo ranar kasuwa" ita ma maki ce. Tsohuwar da ta zo sayen kwano ɗaya na yuriya sai ta yi ta tsayuwa, kowa na jiran mai buhu goma. Auta, sabon yaron da aka kawo daga ƙauyen matar Kawu, ya zauna a lamba ta takwas sati bakwai a jere. Duk wanda ya shigo shago sai ya ga sunansa a ƙasa, har 'yan garinsu.

Alamar da ta fi kowace bayyana, ban lura da ita ba sai daga baya. Da can kwano ɗaya ake kawo musu na rana daga gidan Kawu, su zauna su ci tare. A wata na biyu sai ka ga kowa ya ɗebi nasa a murfi ya koma bakin ƙofa, ido na kan titi.

Ranar da abin ya fashe, wani manomi ya zo neman maganin ciyawa don gonar dawarsa. Auta ne ya same shi, ya ɗauko masa maganin 2,4-D, wanda ake fesawa a dawa da masara da shinkafa don ya kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar amfanin. A kan dawa zalla, zaɓin ba laifi. Sai dai mutumin, kamar yawancin manoman ƙasar nan, ya shuka wake a tsakanin dawar, wake kuwa mai faɗin ganye ne, maganin bai san shi da ciyawa ba. Kwana kaɗan waken ya murɗe ya lalace. Tambaya ɗaya ce ta raba Auta da wannan asara: "Baba, akwai wani abu a gonar ban da dawa?" Ba wanda ya taɓa koya masa ita. Kawu ya biya mutumin a gaban mai unguwa, magana ta mutu. Amma da aka zauna bincike, sai ta fito cewa Dogo yana tsaye a wurin, ya san manomin, ya san gonar, ya san akwai wake. Da Kawu ya tambaye shi me ya hana shi magana, cewa ya yi, "Alhaji, cinikinsa ne, in na sa baki sai a ce makinsa nake so."

Na yarda da shi, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ba mugunta ya yi ba. Allon ne ya koya musu cewa kowane mai saye na mutum ɗaya ne, kuma duk abin da ka sani wanda ɗan'uwanka bai sani ba jari ne. Mun ce muna son koyo, muka auna ciniki, muka kuma sa kyautar ta zama guda ɗaya tak, yadda ba mai samu sai wani ya rasa. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami: a 2016 hukumomin Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan ma'aikatansa sun yi ta buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba don su cika adadin cinikin da aka ɗora musu. Kawu bai san wannan labari ba, bai kuma buƙace shi ba. Da hannunsa ya sauke allon bayan sallar la'asar, ya jingina shi a sito fuskarsa na kallon bango.

Da an bi ta tawa, da maganar maki ta ƙare a nan. Kawu ne ya dawo da ita bayan an yi girbi, kafin a shiga noman rani, lokacin da shago ke ɗan sararawa. Ya ce yaran sun so wasan, abin da ya ɓata shi jerin nan ne. Sai ya tuna mini da makarantar allo. Yara hamsin a gaban malami ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda yake. Ka biya, malam ya ji ta zauna, ka wanke, a ɗora maka. Wankewar wani ba ta hana ka wanke naka, kuma ba a taɓa cewa bana mutum ɗaya ne kaɗai zai yi sauka ba. Ga matakai kuma, kolo da titibiri da gardi, har zuwa alaramma da gwani, kuma babba ne ke biya wa ƙarami. A kan wannan muka gina tsari na biyu. Na so mu ari sunayen ma, Kawu ya hana, ya ce sunan karatun Alƙur'ani ba na sayar da taki ba ne. Na ga gaskiyarsa.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne rubuta abin da ake so yaro ya iya. Ni da Kawu da Babba muka yi Asabar uku muna yi. Doka ɗaya muka bi: duk abin da za a rubuta, sai ya zama abin da za a ce wa yaro "yi mu gani", ya yi ko ya kasa. "Ladabi ga mai saye" bai shiga ba, don ba a iya gwada shi sai da son rai. "Nuna ranar lalacewar magani da lambar NAFDAC a kwalba biyar da aka ɗauko ba zaɓi" ya shiga. Muka ƙare da kati 30, muka kasa su mataki huɗu, kowane mataki da sunan aikin da yake buɗe wa mutum.

Na farko Mai ɗauko, kati 8: sanin kaya da inda suke, jera buhuna a kan katako kada su sha danshin ƙasa, fitar da tsohon kaya kafin sabo, raba magani da iri, abin da za a yi in kwalba ta fashe. Na biyu Mai awo, shi ma kati 8: sikeli, kwano, canji, gane jabun kuɗi, amfani da POS, da kuma ƙin sakin kaya a kan hoton alat ɗin da ke wayar mai saye har sai kuɗin sun bayyana a asusun shago. Na uku Mai shawara, kati 9, kuma shi ne zuciyar abin. Na huɗu Mai makulli, kati 5: littafin bashi, ƙirgar kaya, rufe ciniki, sari. Amfanin sunayen shi ne matakin ba ado ba ne. Wanda bai kai Mai shawara ba, ba ya sayar da maganin feshi shi kaɗai, ko da shekararsa goma a shago. Zai iya ɗauko kwalba, amma sai ya kira wani. Da wannan doka tana nan tun farko, da waken mutumin nan ya kai kaka.

Bari in buɗe kati biyu na Mai shawara don a ga irin gwajin. Ɗaya na taki ne. Ana ajiye wa yaro buhun kamfa mai rubutun NPK 15-15-15 da buhun yuriya, a ce ya bayyana wa manomi bambancinsu da Hausar da manomi zai ji. Amsar da ake so: buhun kamfa mai kilo 50 yana ɗauke da sinadarai uku, kuma sinadarin da ke sa ganye ya yi kore kilo 7.5 ne a ciki, yuriya kuwa shi kaɗai take ɗauke da shi, kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu. Ke nan a wannan sinadari buhun yuriya ɗaya ya kai na kamfa uku, amma ba ta da sauran biyun, shi ya sa ake fara sa kamfa a bi da yuriya, ba a musanya ɗaya da ɗaya don araha.

Ɗayan na lissafin feshi ne, kuma shi ya fi kayar da mutane. A ce takardar jikin kwalba ta ce lita 4 a hekta ɗaya. Injin goyo yana cin lita 16. Idan mai feshin yana ƙarar da ruwa lita 200 a hekta, goyo goma sha biyu da rabi ke nan. A raba lita 4, wato mililita 4,000, gida goma sha biyu da rabi, kowane goyo ya samu mililita 320. Mai rabin hekta lita 2 zai saya, ba 4 ba. Yaro ba ya cin katin sai ya yi lissafin, ya auna 320 ɗin da ruwa a kofin awo, sannan ya yi tambayoyi uku kafin ya taɓa kwalba: me aka shuka, akwai wani abu a tsakani, kuma ciyawar ta fito ko ba ta fito ba. Muka haɗa masa da katin launin da ke gindin takardar magani, ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, da katin da ya hana a tsiyaya wa kowa magani a robar lemo.

Makin kansa ga yadda yake. Ka yi abin da ke kati a gaban mai gwaji, maki 2. Bayan sati biyu a sake tambayarka ba sanarwa, in ka sake yi, maki 3, a huda katin. Na fifita na biyun da gangan. Tun 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a kwanakin farko in ba a maimaita ba, abin da kowane mai tilawa ya sani ba sai an gaya masa ba. Sannan wanda ya koya maka katin yana samun maki 2, amma sai ranar da ka ci gwaji na biyu. Wannan ƙaramar doka ita ta juya shagon. A tsarin farko, ilimin Dogo yana da daraja ne in ya ɓoye shi. Yanzu ya riga ya cinye katunan matakai biyu cikin sati uku, hanyar da ta rage masa ta samun maki da yawa ita ce Auta ya iya, kuma ya iya da gaske, yadda bayan sati biyu yana nan. Na taɓa shigowa na tarar ya tsare yaron a sito da kofin awo da bokitin ruwa, yana cewa, "Sake, ƙanena, ba ka isa ka kunyata ni ranar Asabar ba."

Mataki ba a hawansa da yawan maki. Sai an huda duk katunan matakin. In ba haka ba mutum zai tara maki a abu mai sauƙi ya tsallake lissafin feshi. Kowane mataki yana da ɗan ƙari a kuɗin wata, an faɗe shi a gaban kowa tun ranar farko, kuma ba a ƙayyade mutum nawa za su hau ba. In duk takwas suka zama Masu shawara, duk takwas za a ƙara wa. Katin kowa yana aljihunsa, ba a bango ba. In ya ga dama ya nuna, in bai ga dama ba, daga shi sai ni sai Kawu.

To ina makin yake zuwa, tunda ba ya hawar da mataki kuma ba a jera sunaye? A nan na sake yin kuskure. Na raba su ƙungiya biyu, huɗu-huɗu, na bar su suka zaɓi juna. Kafin sati ya zagayo, 'yan'uwan Kawu na jini sun koma gefe guda, yaran da aka kawo daga wasu gidaje sun koma ɗaya gefen. Tsagar da ma tana nan a ƙasa, ni na zo na zuba mata ruwa. Wani daga cikin baƙin ya ce wa Babba ai an san waɗanda za su ci, tunda mai gwajin ɗan gida ne, yana nufin ni. Kawu ya rushe ƙungiyoyin a ranar. Maimakonsu muka koma bibbiyu, wanda ya yi gaba da wanda ke baya, ana fitar da su da ƙuri'a a hula duk farkon wata, don kada a ce an yi zaɓe kuma kada biyu su daɗe har su zama ɓangare. Su bibbiyun ba sa gasa da kowa. Makin kowa, ƙwayar gurjiya ɗaya maki ɗaya, yana shiga kwalba guda ta gilashi a kan kanta, an ɗaura mata zare a daidai 150. In ta kai zare kafin wata ya mutu, shago duka ya ci: wata ɗaya balangu da lemo bayan an rufe, wani watan takalman roba na shiga fadama ga kowa. Gayya ce, abokin karawar shi ne zaren.

Lambar 150 ba daga sama na ɗauko ta ba. Kati ɗaya in ya kammala yana kawo 7, biyar na mai koyo, biyu na mai koyarwa. In kowane cikin takwas ya gama kati ɗaya a sati, wata zai ba da 224. Na san ranar kasuwa ba a gwaji, wani zai yi tafiya, wani zai faɗi, sai na ɗauki kusan kashi biyu cikin uku. Watan farko suka tsaya a 118, don gwaji na biyu ba ya fara shigowa sai an yi sati biyu, abin da ban lissafa ba. Ban sauke zaren ba, ban kuma zubar da gurjiyar da wulaƙanci ba, na bayyana musu dalilin. Wata na biyu suka kai 163.

Duk tsarin da aka sa wa maki, sai an nemi ɓarakarsa, kuma yaran kasuwa sun fi malamin makaranta ganin ɓaraka. Da farko na bar mai koyarwa ya gwada ɗalibinsa. Nan da nan katuna suka fara hudewa kamar ana rabon goro. Na ɗauki uku na sake gwadawa, biyu suka faɗi. Daga nan gwaji ya koma hannun mutum na uku, ni ko Kawu ko Babba, kuma ba mai gwada wanda ya koya wa. Sai maganar kuskure. Saboda abin da ya faru da waken, na sa maki 1 ga duk wanda ya kawo kuskurensa da kansa kafin a rufe shago. A sati guda aka kawo mini kurakurai goma sha tara, har da "na ajiye tsintsiya ba a wurinta ba". Muka cire makin, muka bar abin da ya fi shi amfani: wanda ya faɗi kuskurensa kafin a gano, ba a cire masa a kuɗinsa, ba a kuma yi masa faɗa a gaban mutane. Adadin ya sauko zuwa biyu ko uku a sati, amma na gaske ne, irin canjin da aka bayar ya yi yawa ko kwalbar da aka ga ta kusa lalacewa.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne Babba. Shekararsa goma sha huɗu a shagon, yaran "Yaya" suke ce masa. A ce ya zauna a gwada shi kamar Auta, abin kunya ne, a ce kuma an ɗauke masa, sauran za su ce tsarin na ƙanana ne. Kawu ya warware ta da dabara: ya ce shi ma za a gwada shi, ya zauna a kan buhu na yi masa tambayoyin Mai ɗauko a gaban kowa, ana dariya. Na Babba kuwa muka yi shi mu biyu bayan isha'i. Ya cinye komai sai lissafin feshi. Shekara da shekaru da gwangwanin madara yake ba manoma awo, yawanci yana dacewa, amma bai san daga ina lambar ta fito ba, in aka kawo sabon magani mai ƙarfi daban sai ya ba da awon tsohon. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kada yaran nan su ji." Ba su ji ba. Sati uku yana zuwa gidana da daddare, ranar da ya ci na biyun shi da kansa ya ba su labari. Da allon farko yana bango, ba na jin zai taɓa yarda a gwada shi.

Biyu daga cikin yaran ba sa karanta boko, ajami suke karantawa. Su aka rubuta wa katunansu da ajami, gwajin kuma duk na baki ne da na hannu. Abin da ba a sassauta musu ba shi ne lambobi da ranar lalacewa, tunda kwalba ba ta zuwa da ajami. Ɗayansu ya fi kowa saurin lissafin goyo, da ka yake yi kafin in gama rubutawa.

Kawu ya so ya mayar da kowane maki kuɗi, naira 100 ko 200, ya ce ai ya fi balangu. Na roƙe shi kada ya yi. A 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Deci, ya gwada ɗalibai da wani wasan haɗa gutsattsari: waɗanda aka biya kuɗi don su yi, da aka daina biya sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Ban ce gwajin ɗaliban jami'a a Amurka shi ne shagon taki ba, amma abin da nake gudu a fili yake. Ran da maki ya zama naira, koyar da ƙaninka ya zama kwangila, ran da aka daina biya kuma a daina koyarwa. Ƙarin da ke kan mataki daban ne, wannan ladan aikin da mutum ya iya ne kuma yake yi kullum.

Yadda nake gane ko gasar ta fara ruɓewa, ba a kwalbar nake dubawa ba. Ina sauraron ko yaro zai ɗaga murya ya ce "Yaya, zo ka duba mini wannan" a gaban mai saye. Ina kallon wa ke tashi in mai kwano ɗaya ta shigo. A littafi kuma ina bin abu uku: kayan da aka dawo da su, giɓin kuɗi a rufe ciniki, da sabon bashi. A watanni huɗun noman rani ba a dawo da magani ko ɗaya don an ba da wanda bai dace ba, giɓin ya ragu, bashi ya koma yadda yake kafin allo. Ba zan ce duk tsarin ne ya yi ba, don a lokacin ne Kawu ya hana bashi sai da sa hannunsa, kuma yara takwas a shago ɗaya ba hujja ba ce ga kowa. Ciniki kansa bai wani tashi ba. Wanda yake neman tsarin da zai ninka masa ciniki a wata guda, wannan ba shi ba ne. Kwanon rana dai ya koma ɗaya tun a wata na biyu.

Akwai matsin da gayya ke kawowa wanda ban yi tsammani ba. A wata na uku kwalba ta tsaya a 141, saura kwana biyu, sai idanu suka koma kan yaro ɗaya da ya faɗi katin POS sau biyu. Ba wanda ya zage shi, amma ya ji a jikinsa, washegari bai zo ba. Tun daga nan na daina zuba gurjiya a gabansu ɗaya bayan ɗaya ina kiran suna. Ranar Asabar nake zuba ta duka a dunƙule, kuma faɗuwa a gwaji ba ta rage komai, sai dai a sake bayan kwana uku.

Zuwa wata na biyar wasan ya fara gajiya. Mutum biyar sun kai Mai shawara, katuna sun kusa ƙarewa, ba mai waiwayar kwalbar. Ban ƙirƙiro sababbin katunan banza don a ci gaba ba. Muka ɗauke kwalbar, muka bar katunan da dokar matakai. Za a fito da ita in an ɗauki sabon yaro, ko in wani sabon abu ya shigo da dole kowa ya koya, irin yadda tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta afka wa gonakin Kano a 2016 kowa ya rasa abin da zai ba mai saye.

Abin da ya rage ba mu warware ba shi ne mataki na huɗu. Mun yi alkawarin ba iyaka, amma makulli biyu ne, na shago da na rumfa, ga Babba da Dogo da wani ɗan yayan Kawu duk sun huda katuna biyar ɗin. Na shago yana hannun Babba, wannan ba mai jayayya. Na rumfa ake karɓa-karɓa wata-wata tsakanin sauran biyun, kowa kuma yana karɓar ƙarinsa ko makulli na hannunsa ko ba ya hannunsa. Duk da haka, watan da ba na Dogo ba, ana ganin fuskarsa. Kawu ya fara maganar sallamarsa da jari bayan damina mai zuwa, ya buɗe nasa a wani ƙauye da ke gaba, yana sari a wurinmu. Dogo ya ce in hakan ta tabbata, yana so a ba shi Auta, da kwafin katunan.